Gaisuwa da Roƙon Iri

Ranar Sallah, tun ba a sauko daga Idi ba, wayar malamin jami'ar da ke riƙe da takardun jarrabawa take fara kuka, kuma ba za ta huta ba sai dare. Mutumin da jiya ake yi wa laƙabin banza a bayan aji, yau ya zama "Babanmu", ya zama "uban marayu", ana yi masa addu'ar da ko mahaifi ba a yi wa ba. A wannan safiyar kuma, malamin firamaren da ke Dogon Dawa ko Kuyello ko Randagi, wanda ya kama hannun waɗannan ɗalibai ya koya musu riƙe fensir, wayarsa tana aljihu shiru. Zai ci tuwon Sallarsa, ya zauna a ƙofar gida, ya ga tsofaffin ɗalibansa suna wucewa a kan babura cikin sababbin shaddoji, wani ya ɗaga masa hannu, wani ko hannun ba zai ɗaga ba.

Wannan abu yana ƙona mini rai. Gaisuwar Sallah a wurinmu ta koma bin alƙalami: duk inda maki yake, can take nufa. Kuma ɓarnar ba ta tsaya kan malamin da aka manta ba, ta shafi yaron kirki da ke son ya ce wa malaminsa na jami'a "na gode" tsakaninsa da Allah, amma ya rasa yadda zai faɗa, don 'yan roƙon iri sun riga sun ƙazantar da hanyar. In ya gaisar, a ce yana neman wani abu. In ya yi shiru, zuciyarsa ta ce masa butulu ne.

Bari in fara da wanda aka manta, domin a ƙasar Birnin Gwari bashin da ake bin mu ya fi na ko'ina nauyi. Ranar 15 ga Maris 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Rama da safe, yara suka watse cikin gari da daji, aka tafi da malamai 3. Malaman nan ba su da bindiga, ba su da rakiya, alli ne kawai a hannunsu. Shekara 3 bayan haka, ranar 7 ga Maris 2024, aka kwashe ɗalibai a Kuriga, kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Kuriga tana ƙaramar hukumar Chikun, amma duk wanda ya san hanyar ya san daji ɗaya ne, tsoro ɗaya ne. Ranar 24 ga watan aka dawo da yara 137, malamin da aka tafi da shi tare da su kuwa bai dawo ba, a hannunsu ya rasu. Ba a yi sati 3 ba aka yi Ƙaramar Sallah. Ina so kowa ya tambayi kansa ko a Sallar nan ya tuna da wani malamin ƙauye, ko da da kira ɗaya.

Kafin wannan ma, a 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce 21,780 cikin kimanin 33,000 sun faɗi, aka sallame su. A 2022 aka sake sallamar 2,357. Ba gardamar jarrabawar nake yi ba a nan, kowa da ra'ayinsa a kanta. Abin da nake cewa shi ne, cikin waɗanda aka kora akwai mutanen da suka yi shekaru suna koyar da wanda yau yake likita, yake lauya, yake babban ma'aikaci a Kaduna. Ranar da takardar sallama ta zo, ranar gaisuwa ta ƙare. Mutum ya koma gona a lokacin da gonar ma sai an biya 'yan daji kafin a shiga, kuma ko ɗaya daga cikin 'ya'yan da ya yaye bai leƙo ba. Da godiya ce ke kai mu ƙofar malamai, da ƙofar wannan mutum ce za ta fi cika.

Na san uzurin da ake bayarwa: hanya. Gaskiya ne an yi shekaru ba a bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari sai da rakiyar sojoji, kuma daga Buruku zuwa Udawa mutum kalmar shahada yake ta maimaitawa. Gaskiya ne daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 an katse layukan waya a yankin. To amma wata 2 aka yi ana katsewar, kuma babu Sallah a cikinsu. Tun kuma da aka yi sulhu a Nuwamba 2024, Gwamna Uba Sani ya zo aka buɗe kasuwar kara, motoci sun dawo hanya. Mutanen da suka ce daji ne ya hana su gaida malaminsu, yanzu suna zuwa gida Sallah, suna zuwa gaida Sarki, suna zuwa gidan ɗan majalisa su yi layi. Gidan malam dai har yau daji ya tare shi.

Yanzu in koma kan yaron kirki, don shi ne ya fi ba ni tausayi. Wani ɗan 'yar'uwata yana shekarar ƙarshe a wata babbar makaranta, kuma Babbar Sallah ta faɗo bayan sun gama jarrabawa, kafin a fitar da sakamako. Akwai malamin da ke duba masa aikin bincikensa na kammalawa, kuma shi ne ke koyar da wani kwas mai wuya. Mutumin ya yi masa kirki na gaske: ya zauna da shi a ofis har bayan la'asar yana gyara masa babi na 3, ya ara masa littafi, ya yi masa uzuri lokacin da hanya ta hana shi dawowa kan lokaci. Mahaifin yaron manomi ne, mutumin da bai san zuwa wurin babba hannu rabbana ba. Ya ware cinyar ragon layya, ya cika galan da zuma, ya ce, "Kai yaro, ka kai wa malaminka, ka ce ina gaishe shi."

Yaron ya zo wurina jiki a sanyaye. Ya ce, "Kawu, Baba ya ba ni saƙo, ni kuma tsoro nake ji." Na tambaye shi yadda ya ji jarrabawar kwas ɗin. Ya ce aikin aji ya samu 21 cikin 40, jarrabawa kuwa cikin 60 bai tabbata ya kai 20 ba. A makarantarsu maki 40 ne bakin ci. Ke nan in ya samu 19 ya tsallake da ƙyar, in ya samu 17 ya tsaya a 38, ya faɗi, sai ya dawo baɗi ya maimaita kwas ɗin, da kuɗin makaranta na wata shekara da kuɗin ɗaki da jinkirin bautar ƙasa.

Duba inda zumar nan za ta jefa malamin. A ce yaron 38 ya samu. Malam ya buɗe takarda, ya ga suna, ya tuna galan ɗin da ke ɗakin matarsa. Hausawa sun riga sun faɗa, idan baki ya ci, ido ya ji kunya. In ya ƙara maki 2, ya zalunci wani yaro daga Zangon Kataf ko Ikara da shi ma ya samu 38 amma ubansa ba shi da amya. In bai ƙara ba, ya ci zumar mutane ya kayar da ɗansu, kuma zai yi ta jin nauyin haka. A ce kuma yaron 41 ya samu da guminsa. To ranar da aka kafe sakamako, abokansa da suka ga ya shiga gidan malam da galan za su ce zuma ce ta ci jarrabawa. An ɓata sunan malam, an ɓata makin yaro, alhali babu wanda ya yi nufin sharri. Ko ta wace fuska aka duba, kyautar nan cutarwa ce ga mutumin da ake son gode wa.

Na ce masa ya bar cinya da zuma a gida. Uban ya ji zafi, ya ce ina koya wa yaro rowa da rashin kunya irin na 'yan boko. Na ce, "Yaya, ba hana ka na yi ba, jinkirta maka na yi. Zuma ba ta lalacewa. Ranar da yaro ya karɓi takardar shaidarsa, alƙalamin malam ya sauka daga kansa, ka ɗauki galan biyu ka kai da kanka." Naman kuwa ya tafi inda ya dace tun farko, gidan tsohon malamin yaron na aji 4.

Wannan ba sabon ra'ayi ba ne da na ƙirƙiro don in burge wani. A cikin Buhari da Muslim akwai labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya raba kayan kashi biyu, ya ce ga na zakka, ga kuma wanda aka ba shi kyauta. Annabi ya hau mumbari ya yi faɗa, kuma ma'aunin da ya kafa shi ne mutum ya zauna a gidan iyayensa ya gani ko kyautar za ta biyo shi. Wannan ma'auni ya dace da maganarmu sarai. Ɗalibi ya tambayi kansa: da a ce malamin nan ya yi ritaya jiya, zan aika masa wannan saƙo, zan kai masa wannan kaya? In amsar e ce, to jira ba zai rage komai ba. In a'a ce, to kujerarsa kake gaisarwa, ka daina jingina abin ga Allah.

Malamanmu na Malikiyya ma sun yi maganar kyautar Idi ƙarara. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta ɗan littafi kan ladubban masu koyarwa, Adabul Mu'allimin. A ciki an tambaya ko za a tilasta wa iyaye ba malami kyautar Idi, aka amsa cewa ba a tilastawa, sai in sun bayar don raɗin kansu, kuma bai halatta malami ya ɗora wa yara wata kyauta bayan ladansa ba, ko ya roƙe su. Shekara fiye da 1,100 ke nan da aka ga wannan rami aka yi gargaɗi a kansa. Dokar ƙasa ita ma ba ta yi shiru ba. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na 5 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati nema ko karɓar wani amfani saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, kuma ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin gwamnati suna cikin waɗanda ta shafa. Ta yi rangwame ga kyautar dangi da abokai a lokutan da al'ada ta sani. Sallah lokacin al'ada ce, babu musu. Amma ɗalibin da takardarsa ke kan teburinka ba ɗan'uwanka ba ne, ba abokinka ba ne, mai jiran hukuncinka ne.

A nan ne masu kare al'ada suke taso mini. Suna cewa mu Hausawa da kuɗin Laraba muka taso, da kai wa malam hatsi lokacin kaka, da kai masa tuwon Sallah da naman layya, da sadakar sauka. Wa ya taɓa kiran wannan cin hanci? Babu, kuma ni ma ban kira shi haka ba. Amma a lura da yadda makarantar allo take. Malamin allo ba shi da albashi, abin da iyaye suka kawo shi ne abincinsa, kuma kowa ya sani, a fili ake yi. Sannan ba shi da wani maki da zai cire daga wannan ya ba wancan. Yaro ko dai ya iya allonsa ko bai iya ba, kuma ranar sauka a gaban jama'a zai karanta, ragon ubansa ba zai buɗe masa baki ba. A makarantar boko kuwa sakamako a rufe ake rubuta shi, kuma da shi ake raba gurbin karatu da aikin gwamnati tsakanin 'ya'yan mutane. Akwai mutum na uku a cikin cinikin, wanda bai san ana yi ba kuma shi ne zai biya. Wanda ya ɗauko ladabin tsangaya ya rufa wa wannan, ya ci amanar tsangayar.

Wasu kuma su ce malamai na cikin wahala, albashi bai kai wata, to mene ne laifin taimaka musu? Madalla. Wane malami ne ya fi wahala, mai digiri na uku a Zariya ko mai koyar da aji 2 a Kakangi? In tausayi ne, ga inda ya fi cancanta. Amma tausayin namu ido gare shi, yana gane wanda ke riƙe da sakamako.

To shin kada ɗalibi ya gaida malaminsa na yanzu ke nan? Ya gaishe shi mana. Gaisuwa haƙƙi ce, kuma malamin da ya yi kirki ya cancanci ya ji cewa an gani. Abin da za a kiyaye shi ne abin da ke cikin saƙon, domin malamai ba wawaye ba ne, layi biyu suke karantawa su gane inda aka dosa. Ga irin saƙon da ke cika wayoyinsu: "Barka da Sallah Babanmu abin alfaharinmu, Allah Ya kai ka kujerar shugaban jami'a, ba mu da kowa sai Allah sai kai. Ɗanka ne, ɗan aji 4, mai lamba kaza. A taimaka a tuna da mu." Lambar rajista a cikin gaisuwar Sallah! Me lamba ta zo yi a nan, in ba don a sauƙaƙa wa malam nemo takarda ba? Yabon ma duba shi, babu ko kalma ɗaya da ta shafi abin da mutumin ya koyar. Za ka iya tura shi ga kwamishina ko dillalin shanu ba tare da ka canja komai ba, kuma sau da yawa haka ake yi, saƙo ɗaya ake rarraba wa malamai goma.

Akwai kuma mai wayo, wanda ba ya sa roƙo a saƙon farko. Ya gaisar ranar Sallah lafiya lau, malam ya amsa da "Amin, na gode", sai washegari ga shi ya dawo: "Af, Malam, dama akwai 'yar wata magana." Wannan ya fi na farko muni, don ya mai da amsar malam ƙofa. Irinsa ne suka sa malamai da yawa ba sa amsa gaisuwar ɗalibai sam, mai gaskiya ya sha hukuncin maƙaryaci.

Abin da ɗan 'yar'uwata ya aika a ƙarshe gajere ne: "Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibada Ya maimaita mana. Na gode da zaman da ka yi da ni kan babi na 3, sai a ranar na fahimci yadda ake zaɓen mutanen da za a yi wa tambayoyi. Allah Ya saka da alheri. A gaida iyali." Ya sa sunansa a ƙasa, ba lamba, ba maganar jarrabawa, ba tambayar da za ta tilasta wa malam amsawa. Godiyar tana kan abin da ya riga ya faru ya wuce, wanda babu abin da saƙon zai ƙara masa ko ya rage. Na kuma ce masa sau ɗaya zai aika, da rana, kuma in ba a amsa ba kada ya bi da kira yana tambayar ko Malam ya ga saƙo. Mai godiya ba ya bin bashin amsa.

Wannan salo na ambaton takamaiman abin da aka koya, a gida muka gaje shi. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukh don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, kuma yadda ya yi shi ne ya kawo sunan malami ya faɗi littafin da ya karanta a gabansa, tun daga mahaifinsa da ya koya masa Alƙur'ani, zuwa yayansa Shehu Usmanu, zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya rubuta shi ne bayan jihadi, yana riƙe da mulki, lokacin da ba ya bukatar komai daga waɗannan malamai, da yawansu ma sun riga mu gidan gaskiya. Mutumin da ya iya cewa "wurin wane na karanta kaza" ya nuna karatun ya zauna. Malami kuwa babu abin da yake so ya ji kamar wannan. Tambayi duk wanda ya taɓa riƙe alli: kirarin "uban marayu" yana shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, amma yaron da ya ce "kai ka koya mini raba lamba mai saura" ba a manta shi.

In ana son a kai ziyara ƙafa da ƙafa ga malamin da har yanzu yake koyar da ku, to a tafi a ƙungiya. 'Yan aji su haɗu, shugaban aji ya yi magana da sunan kowa, a yi addu'a, a sha ruwa, a tashi. Ba wanda zai keɓe da malam a zaure, ba wanda zai bar leda a bayan kujera. In aji ya ga lallai sai an riƙa wani abu, ya zama ƙarami kuma na kowa, wanda ba a rubuta wa ya ba da nawa ba, kada ya zama an bi ɗalibai ana karɓar kuɗi da jerin sunaye, don wannan haraji ne aka sa wa rigar Sallah. Ga 'yan mata abin ya fi tsanani. Yarinya ta aika wa malami saƙo ita kaɗai da dare, ko da zuciyarta fara tas, ta ba masu baki abin faɗa, ta kuma ba malamin banza ƙofar da yake nema. Gaisuwarta ta bi ta cikin ta aji, ko ta jira ta gama.

Malamai kuma kada su ɗauka na wanke su. Da babu masu karɓa, da masu kawowa sun gaji. Akwai malamin da mako guda kafin hutu zai tsaya a gaban aji yana dariya yana cewa, "To 'yan Birnin Gwari, mun ji an ce masara ta yi kyau bana." Wasa ne a bakinsa, umarni ne a kunnen yaron da makinsa ke rawa. Yaron zai je gida ya matsa wa uban da ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin fansa, uban da bai noma rabin gonarsa ba, a ɗaure buhu a ɗora a mota. Wanda ya ci wannan masara ya san abin da ya ci. Malamin kirki jimla ɗaya ta ishe shi ranar farko ta zango: ina karɓar gaisuwa, ba na karɓar kaya daga wanda nake koyarwa, kuma kada a turo mini lamba. Ya faɗa a gaban kowa, sai mai shi da marar shi su huta tare. In kuma wani dattijo ya riga ya aiko, a mayar cikin mutunci, a kira shi a ce, "Baba, na gode ƙwarai, amma ka ajiye mini sai yaro ya gama." Babu uban da zai ji haushin wannan har ya kwana biyu.

Duk wannan taka-tsantsan kuwa bai shafi tsohon malaminka ba. Wanda ya koyar da kai a firamare ko sakandare, wanda ya yi ritaya ko aka sallama, ba shi da makin da zai ba ka, ba shi da sa hannun da kake jira. A nan babu zargi, babu doka, babu iyaka sai ƙarfin aljihunka. Kai masa shadda, kai masa buhun shinkafa, biya wa ɗansa kuɗin jarrabawar fita sakandare. Je ka da kanka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da shekarar da ka yi ajinsa, don yara ɗaruruwa sun wuce ta hannunsa kuma ido ya fara rauni. In rikici ya tashe shi daga ƙauyensu, tambaya za ka yi. Da yawa suna nan cikin garin Birnin Gwari, wasu a Funtuwa, wasu a Rigasa, kuma a tashar mota ko wurin tsofaffin abokan aikinsa ba za a rasa mai lambarsa ba. In an ce maka ya rasu, to akwai matarsa da 'ya'yansa, kuma galibi haƙƙinsa na aiki bai fito da wuri ba. Naman layya kwana 3 ake yi ana yankawa ana rabo, gidan ba zai gagare ka ba.